Habu Mai Sito da Buhun Sukari 15

An yi wani magidanci a unguwar Kurna a Kano, ana ce masa Habu. Shekara biyar yana riƙe da makullin wani sito a Kasuwar Singa, inda maigidansa, wani Alhaji ɗan kasuwa, ke ajiye sukari da fulawa da katan-katan na taliya. Habu ya yi difloma, rubutunsa na da kyau, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga murya ga wanda ya girme shi ba. In dattijo na magana, sai ya sunkuyar da kai har a gama. A unguwa ana yabonsa da wannan hali, iyaye mata ma kan yi wa 'ya'yansu misali da shi.

Ana nan sai ya ji labarin wani kamfanin sarrafa shinkafa a hanyar Zariya, wajen Kura, yana neman mai riƙe sito. Wurin ya fi nasa girma nesa ba kusa ba. Shanshera ce ke shigowa daga gonakin rani na Kadawa masu shan ruwan madatsar Tiga, a gyara ta, a ɗura a buhu mai kilo 50, tirela ta yi lodin buhu 600 ta kama hanya. Albashin ya kusa ninka nasa, ga matarsa Rabi tana da juna biyu. Ya nemi izinin Alhaji, Alhaji ya ce Allah ya sa alheri, in an tambaye shi zai faɗi abin da ya sani. Daga nan Habu ya tattara takardunsa ya nufi shagon Sagir mai kwamfuta don a buga masa takardar neman aiki.

Sagir ya buga, bugu mai kyau. Da Habu ya biya zai tashi, sai Sagir ya jawo aljihun tebur ya zaro wata takarda, ya ce wannan gyara ce, ba ya ba kowa. Tambayoyin intabiyu ne da amsoshinsu. Ya ɗora yatsa a kan ta bakwai, ya rage murya, ya ce wannan ce tarkon da ke kama mutane: za a ce ka faɗi inda kake da rauni, kai kuwa kada ka kuskura ka faɗa. Abin da za ka ce shi ne ba ka iya hutawa sai ka ga aiki ya kammala daidai, har abokan aiki na ƙorafin ka cika takura wa kanka. Ya rantse cewa da wannan amsa ake samun aiki a ko'ina. Shi dai Sagir tun da ya gama makaranta bai taɓa zama gaban masu intabiyu ba, amma wannan bai rage masa komai a muryarsa ba.

Habu ya kwana uku yana hadda. Daren na huɗu ya ce wa Rabi ta zama ita ce manaja, ta tambaye shi. Ta gyara zama, ta tambaya, ya zubo amsar tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Rabi ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "Baban Amira, kai ne ba ka iya hutawa? Kai da ranar Lahadi sai na tashe ka sallar la'asar?" Da ta ga ransa ya ɗan sosu sai ta sassauta, ta ce maganar ba ta da muni, sai dai ba muryarsa ba ce, ko a duhu ta ji ta za ta san aro ce. Ta ce me zai hana ya je wurin Kawu Tanimu.

Kawu Tanimu yayan mahaifiyar Habu ne. Ya yi shekaru yana riƙe da siton wata masaƙa a Bompai har ranar da aka rufe ta, kuma a shekarunsa na ƙarshe a can, da shi ake zama in za a ɗauki sabon ma'aikaci. Habu ya same shi a zaure bayan magariba yana ɓare gyaɗa. Suka gaisa, Habu ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya karanto amsar Sagir.

Kawu bai yi dariya ba. Ya jefa gyaɗa a baki, ya tambaye shi yaushe ne ranar ƙarshe da wannan rashin hutu ya jawo wa maigidansa asara, kuma asarar nawa ce. Habu ya buɗe baki, ya rufe. Kawu ya ce to, tambayar da ke biyo baya ke nan, kuma ita ba ta cikin takardar mai kwamfuta. Ya ce a zamaninsa, wanda zai ba ka makullin dukiyarsa ba ƙirga laifuffukanka yake son yi ba. So yake ya san ta wace ƙofa zai sa ido, ya kuma ga ko kai da kanka ka riga shi sa ido a wurin.

Habu ya ce to ko dai ya ce musu shi ɗan Adam ne ajizi, duk jikinsa rauni ne, sai abin da Allah ya rufa. Kawu ya ce wannan gaskiya ce, amma gaskiyar kowa da kowa ce, har da masu tambayar, don haka ba ta gaya musu komai a kan Habu ba. Ya ƙara da cewa masu irin wannan magana yawanci jira suke a ce musu haba, ai kai mutumin kirki ne, kuma a ɗakin intabiyu babu mai wannan aikin.

Habu ya yi shiru, can ya ce akwai guda ta gaskiya: hannunsa na da nauyi a kwamfuta, lissafin sito a littafi ya iya, shigar da shi a na'ura kuwa sai a hankali. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce wannan amsa ce, babu ƙarya a cikinta, in zai faɗe ta ya haɗa da abin da yake yi a kai. Habu ya ji sanyi a ransa, har ya fara laluben takalmi. Sai Kawu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ina labarin sukarin Baffa?"

Habu ya koma ya zauna.

Abin ya faru ne a shekararsa ta uku a Singa. Alhaji na da wani ɗan'uwa dattijo, sa'an mahaifin Habu, kowa a rumfa yana ce masa Baffa. Wata Talata Baffa ya zo da mota ya ce a loda masa sukari buhu 20, Alhaji ya sani. Ƙa'idar siton kuwa sananniya ce: kaya ba sa fita sai da rasit daga rumfa, lambar rasit ɗin ce ake rubutawa a katin kaya, a cire adadin da ya fita, a rubuta abin da ya rage. Habu ya san wannan sarai. Amma ya dubi furfurar Baffa, bakinsa ya yi nauyi, ya kira 'yan dako suka loda. Tun da babu rasit, babu lambar da zai rubuta, sai ya bar layin a buɗe, ya ce gobe in takarda ta zo ya cike. Takarda ba ta zo ba, shi kuma ya ji kunyar tuni. Bayan wata guda Baffa ya dawo ya ɗauki 10, bayan wasu makonni ya ɗauki 5. A lokacin sau ɗaya ake ƙirga kayan siton a shekara, gab da azumi. Da aka ƙirga, kati ya ce akwai, ƙasa ta ce babu: buhu 35. Baffa ya tuna da 20 na farko ya biya. Sauran 15 ya ce shi kam bai san zancen ba, kuma mai yiwuwa da gaske ya manta, tsufa ya fara taɓa shi. Babu takarda, babu shaida sai 'yan dako, su kuwa buhu nawa suke ɗauka a rana balle su tuna. Alhaji ya yafe 10, ya ce Habu ya biya 5, aka yi wata goma ana cirewa daga albashinsa.

Habu ya ce, "Kawu, in na faɗi wannan ai na kashe kaina. Mai sito suke nema, ni kuma in ce musu na taɓa buɗe ƙofa ba takarda?"

Kawu ya ce haka ne, tana iya hana shi aikin, ba zai ɓoye masa ba. Ya ce da a ce tun daga ranar Habu bai gyara komai ba, da ba zancen amsa za su yi ba, da cewa zai yi ya nemi wata sana'ar. Sai ya tambaye shi me ya canja a siton cikin shekara biyun nan. Habu ya fara faɗa a hankali, can kuma bakinsa ya sake, ya yi ta bayani har gyaɗar ta ƙare. Kawu ya saurara bai katse shi ba. Da ya gama, ya ce masa yanzun nan ya yi magana mai tsawo bai yi tuntuɓe ba, kuma bai haddace ko kalma ɗaya ba, gama wanda mota ta taɓa kaɗewa ba ya bukatar hadda kafin ya ba da labarin. Ya ce ya riƙe adadi da lokaci daidai, kalmomi za su zo da kansu. In ya zaɓi faɗar wannan, kada ya ambaci sunan kowa, kada ya jingina laifin ga dattijon, kada kuma ya ja ta da tsawo har ta koma kuka. Habu ya roƙe shi ya zaɓa masa tsakanin kwamfuta da sukari. Kawu ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ce shi ba shi zai riƙe makullin ba, ga shi ma an kira isha'i.

Ranar intabiyu su bakwai ne a kan benci a barandar ofishin, ƙurar dusa na tashi daga wajen injina. Na kusa da Habu, wani saurayi mai kwat, ya zaro takarda yana motsa leɓe. Habu ya saci kallo, sai ya ga takardar Sagir ce, har da ɗigon tawadar da ke gefen tambaya ta bakwai. A ƙarshen benci ma wani na riƙe da irinta. Habu ya ninke tasa ya tura can ƙasan aljihu.

Mutum uku ne a ciki: Manaja, da Akanta, da wata Hajiya mai kula da ma'aikata. Mai kwat ya shiga, ya amsa tambayoyin lissafi tiryan-tiryan, ya fi kowa maki a jarrabawar rubutu. Da aka zo kan rauni ya ce ba ya iya hutawa sai ya ga aiki ya kammala daidai. Hajiya ta ce ya ba su misali ɗaya. Ya ce misalan suna da yawa. Ta ce ɗaya ya isa. Ya sake maimaita jimlar farko, wannan karon da ɗan ƙarfi. Da na ƙarshen benci ya shigo ya kama, "Ba na iya hutawa," sai Hajiya ta ƙarasa masa, "sai ka ga aiki ya kammala daidai." Ya ce ƙwarai kuwa, yana mamakin yadda ta gane halinsa da wuri haka. Wani kuma ya dafe ƙirji ya ce shi ba kowa ba ne, rauninsa ba ya ƙirguwa. Manaja ya ce ya ƙirgo musu biyu. Mutumin ya daɗe yana kallon silin, daga bisani ya ce watakila yawan haƙuri.

Aka kira Habu. Da shigarsa ya ga ashe akwai mutum na huɗu a ɗakin, wani tsoho a kan darduma a kusurwa, da farin rawani, yana jan carbi, ba ya cikin masu tambaya. Masinjan da ya kawo shayi sai da ya durƙusa ya gaishe shi kafin ya dubi Manaja. Daga wannan gaisuwa Habu ya gane yayan mai kamfanin ne, Alhaji Babba ake ce masa, yakan zo ya zauna duk lokacin da ya ga dama. Kafin Habu ya ankara, kansa ya riga ya sunkuya.

Tambayoyin farko ba su ba shi wuya ba. Manaja ya tambayi yadda zai jera buhuna, ya ce a kan katako, ba a kan siminti ba, a bar tazara tsakaninsu da bango don iska da kuma don a iya zagayawa a ƙirga, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Aka tambaye shi shanshera, ya ce bai taɓa riƙe ta ba, amma ya tambayi masu ita, sun ce ba a tara ta sai danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin 100, in ba haka ba ta yi zafi ta yi fumfuna. Akanta ya ba shi lissafin tirela biyu da rabi, ya ce buhu 1,500. Sai Hajiya, tana rubutu ba ta ko ɗago ba, da muryar wadda ta gaji da jin abu ɗaya, ta ce ya faɗa musu inda yake da rauni a wajen aiki.

Kalmar kwamfuta ta zo har bakin leɓensa. Gaskiya ce, babu mai kama shi da ƙarya, kuma ya ga alamar sun gamsu da shi zuwa yanzu. Jimla biyu, a yi murmushi, ya fita. Ya tuna da Rabi da cikinta, ya tuna da kuɗin haya. Sai ƙarar carbin nan ta kusurwa ta shigo kunnensa, ɗaya bayan ɗaya. Ya san ko ba jima ko ba daɗe, in ya samu aikin nan, wata rana wannan tsoho ko wani irinsa zai tsaya a ƙofar sito da mota a bayansa. Ranar kuwa, in bai faɗa yau ba, shi kaɗai zai san abin da ke faruwa a ƙirjinsa, babu wanda zai tsaya masa, domin babu wanda ya san akwai abin tsayawa. Kuma siton nan ba na buhu 35 ba ne. Ya ce a ransa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ina jin nauyin manya. In wanda ya haife ni ya ce in yi abu, bakina ba ya iya cewa a'a da sauri. Shekara biyu da suka wuce wannan ya sa na fitar da sukari sau uku ba rasit, buhu 35. Da aka yi ƙirga, 15 ba su da shaida. Maigidana ya yafe 10, na biya 5 a wata goma."

Hajiya ta ajiye biro. Carbin ma ya tsaya.

Akanta ya ce wato yana gaya musu da bakinsa cewa ya ɓatar da buhu 15. Habu ya ce e. Akanta ya ce laifin wa, nasa ko na wanda ya ɗauka. Habu ya ce makullin a hannunsa yake. Manaja ya ce to daga nan fa, me ya yi.

Habu ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun gaba, mai kwafi biyu da kabon a tsakani, gefensa duk ya yi baƙi da hannu. Ya ce ya gane ba zai wayi gari ya zama mai tsaurin ido ba, don haka ya nemi abin da zai yi magana a madadinsa. Duk wanda ya zo ba rasit, kowane ne, sai ya rubuta suna da kaya da adadi da kwanan wata a nan, mutum ya sa hannu, ya yage masa ɗaya, ɗaya ta zauna. Kafin ya buɗe ƙofa kuma sai ya kira maigidan a waya a gaban mutumin. Ya ce makullin ma ya daina yawo da shi a aljihu, a aljihun tebur yake kulle shi, littafin nan a kansa, yadda hannunsa ba zai kai ga makulli ba sai ya ɗaga littafin. Ƙirga kuwa ya roƙi Alhaji aka daina jiran azumi: duk Alhamis yana ƙirga kayan da suka fi fita, duk ƙarshen wata a ƙirga komai tare da yaron rumfa, kuma yana jera buhuna goma-goma don giɓi ya nuna kansa tun daga bakin ƙofa. Manaja ya karɓi littafin yana buɗawa, ya tambaye shi me yake ce wa dattijo in zai miƙa masa biro. Habu ya ce, "Cewa nake, Baba, ka taimake ni da sa hannu, kada a ce ni na ci." Ya ce ya lura in ya mai da abin taimako ne ake yi masa, ba a cika jin an zarge su ba, shi ma bakinsa ya fi iya furta ta.

Hajiya ta tambaye shi ko yanzu ya warke ke nan. Ya ce a'a. Ta ce yaushe ne karo na ƙarshe. Habu ya ɗan yi jim, don wannan ko Kawu bai faɗa wa ba. Ya ce wata biyu da suka wuce malamin da ya koya masa karatun allo ya zo neman taliya katan ɗaya don walimar sauka, ya kasa miƙa masa biro. Ya ba shi. Amma malamin na juya baya ya rubuta da hannunsa, ya kira Alhaji kafin azahar ya faɗa masa, Alhaji ya ce a sa a lissafinsa. Manaja ya buɗe baya, ya samu shafin, ga suna ga kwanan wata, wurin sa hannu babu komai, a ƙasa an rubuta ƙarfe nawa aka kira. Ya nuna wa Hajiya. Aka karɓi lambar Alhajin Singa, aka ce Habu ya je za a neme shi.

Ya fito gumi ya jiƙa masa riga. A mota yana ta juya maganar, ya ga wurare uku da ya yi in'ina, ya tuna bai ko ambaci kwamfuta ba. Da ya isa gida Rabi ta tambaya, ya ce shi dai ya faɗi ta sukari, ta ce to Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta zuba masa tuwo.

A can kuwa gardama ce ta kaure. Akanta ya tsaya a kan mai kwat, ya ce ga maki a takarda, ga saurin kwamfuta, kuma bai taɓa ɓatar da ko ƙwaya ba. Hajiya ta ce ba su sani ba ko ya taɓa, domin sun yi rabin awa da shi ba su san komai a kansa ba sai abin da wani ya rubuta masa. Akanta ya ce ko ma dai mene ne, ba a ɗaukar mai jin kunya a ba shi sito a kamfanin da dangi ke shiga da fita. Wannan magana tana da ƙarfi, Hajiya ma ba ta musa ba. Manaja ne ya ce shekarunsa a wurin ya ga masu sito da dama, babu wanda ba ya jin nauyin dangin mai kamfani, har shi kansa, sai dai wannan ne na farko da ya zo da littafi. Ya kira Alhajin Singa, adadi ya zo daidai: 35, 15, 10, 5, kuma tun daga lokacin ƙirga ba ta sake saɓa wa kati ba. Aka yanke a ɗauke shi gwaji na wata uku, da sharaɗin da Akanta ya kafa: kayan da ba su da rasit ba sa fita sai da hannu biyu, na Habu da nasa. Alhaji Babba yana kusurwa duk abin nan, bai ce uffan ba.

Kwanci-tashi, a mako na shida, Manaja ya yi tafiya Kaduna. Ranar Alhamis da yamma, Habu na cikin ƙirga, sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar sito, Alhaji Babba ya fito daga gaba. Ya ce a sa masa buhu 10, jikarsa za a aurar. Ba gwaji ya zo yi ba, shinkafar yake so, kuma tun da aka kafa kamfanin babu wanda ya taɓa tambayarsa takarda.

Habu ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo kujera, ya aika a kawo ruwa. 'Yan dako sun riga sun miƙe suna naɗe gammo. Ƙafafunsa suka kai shi ofis da kansu, ya buɗe aljihun tebur, hannunsa ya sauka a kan littafi. Ya daɗe a tsaye a wurin. Sannan ya fito da shi, makullin ya bar shi a ciki, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka taimake ni da sa hannu, kada a ce ni na ci." Muryar da ƙyar ta fita.

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce shi za a tambaya takarda a gidan ƙanensa, shi da ya goyi mai kamfanin? Habu bai amsa ba, bai kuma tashi ba. Ya kira Manaja, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Manaja ya gaida Alhaji Babba da ladabi, ya yi masa fatan alheri a bikin, ya ce a ba shi 10 a sa a lissafin mai kamfani, a cike takarda kamar yadda aka tsara. Aka aika wa Akanta, ya sauko da biro a hannu, ya sa hannu yana kallon gefe, don shi ma bai iya haɗa ido da tsohon ba. Alhaji Babba ya fizgi biron ya rubuta sunansa da ajami, manya-manya, har ya haura layi biyu. Aka loda, mota ta tashi. Daren nan Habu bai iya cin abinci ba. Mako biyu yana gaida tsohon ba a amsa masa, a na uku aka amsa da ka.

Da wata uku suka cika aka rufe sito aka yi ƙirga tun safe har la'asar. Buhu ɗaya ya yi giɓi. Habu ya buɗe littafi ya nuna: ya fashe wajen lodi, an share an auna, kilo 46 aka mayar wa injin, da sa hannun shugaban 'yan dako. Akanta ya duba, ya sake dubawa, ya sa hannu a takardar tabbatar da shi, ya ce saura kwamfuta, daga Litinin ya riƙa hawowa ofishinsa bayan an tashi.

Labari ya kai kunnen Sagir. Ya jinjina kai, ya ce lallai zamani ya canja, ya zauna ya sake buga takardarsa. Bayan wasu watanni kamfanin ya nemi mataimakin mai sito. Wani yaro da bai taɓa riƙe makullin ko kaji ba ya shigo ya zauna, da Hajiya ta tambaye shi rauninsa ya sunkuyar da kai, ya ce yana jin nauyin manya, har ya taɓa ɓatar da sukari buhu 15. Hajiya ta miƙa hannu ta ce ya ba ta littafin ta gani. Yaron ya ce wane littafi.

Mai karatu, in hanya ta bi da kai shagon Sagir, ka ba shi takardar neman aikinka ya buga maka, bugunsa na da kyau kuma ba shi da tsada. Ta aljihun tebur ɗin ce za ka bar masa.